Kalma Ɗaya, Yuwan Dubu Ɗari: Jagorar Ban Haƙuri Bayan Kuskuren Fassara

A harshen Sinanci akwai kalmomi biyu da kunne ba ya iya bambanta su. Dukansu "dinjin" ake furta su, kuma dukansu kuɗin da mai saye ke fara biya suke nufi, abin da ɗan kasuwar Kantin Kwari zai kira kafin alƙalami. Sai an dubi rubutu ake ganin bambancin. Idan aka rubuta 订金, kuɗin somin biya ne kawai, wanda a bisa al'ada ake mayarwa in ciniki ya rushe. Idan kuwa aka rubuta 定金, kuɗin ya zama jingina. Kundin dokokin mu'amala na ƙasar Sin, wanda ya fara aiki ranar 1 ga Janairu 2021, ya yi bayaninsa a sashe na 586 da na 587: mai saye in ya saɓa, kuɗinsa sun tafi, mai sayarwa in ya saɓa, ninki biyu zai mayar.

Mai wannan rubutu ya daɗe yana tafinta tsakanin 'yan kasuwar Kano da masu masana'antar yadi na Sin, kuma ya ga wannan harafi ɗaya ya raba mutanen da suka shekara goma suna ciniki. Abin da ya sa ya ɗauki alƙalami shi ne, sau da yawa kuskuren fassarar mai gyaruwa ne, ban haƙurin da ya biyo baya shi ke ƙarasa kashe hulɗar. Matasan tafintoci da yaran shago suna maimaita kurakurai iri ɗaya: su yi gaggawa, su jibga wa mutum ɗaya laifi, su cusa maganar kuɗi a tsakiyar neman afuwa.

Ga misalin da za a bi, irin wanda ke yawan faruwa, an sakaya sunaye an kuma daidaita lissafin don ya yi sauƙin bi. Wani Alhaji ya yi odar atamfa ta yuwan 500,000 daga wata masana'anta a Keqiao, cibiyar yadi da ke lardin Zhejiang. Ya biya kashi 30 cikin ɗari, wato yuwan 150,000. Takardar ciniki ta ce 定金. Tafintansa, wani ɗalibi da ke karatu a can, ya ce masa, "Alhaji, kafin alƙalami ne, in an fasa za su dawo da shi." Bayan mako uku canji ya tashi, Alhaji ya ga lissafi ba zai fita ba, ya ce ya fasa, a dawo masa da kuɗinsa. Mai masana'anta ya ce babu wannan magana. Alhaji ya ɗauki waya ya yi saƙon murya mai zafi, ya kira shi macuci, ya sa aka fassara, aka jefa a zauren WeChat da wasu 'yan kasuwa da dillalai suke ciki. Kwana biyu bayan haka wani ya duba takardar ya nuna masa harafin.

Abubuwan da za a tanada

Kafin a buɗe baki, a tara saƙonnin asali gaba ɗaya, kowanne a harshen da aka rubuta shi, da ranarsa da lokacinsa, har da saƙonnin murya da takardar ciniki da rasiɗin biyan kuɗi. A nemi tafinta na biyu wanda ba shi da hannu a cinikin, ba ya cin la'ada a wurin kowa, kuma ba abokin na farkon ba ne. A rubuta asarar kowane ɓangare a takarda. Idan maganar ta kai ga zagi, a nemi mai shiga tsakani wanda ɓangarorin biyu suke jin nauyinsa, ko da wakilin jigilar kaya ne da ya daɗe yana hulɗa da su duka. Sai kuma abu na ƙarshe, wanda ya fi wuyar samu: mai ban haƙurin ya huce.

1. A tsayar da wuta

Mataki na farko saƙo ne gajere, layi biyu ko uku, da za a aika a ranar da aka gano matsalar. Abin da zai ce kawai shi ne, an lura akwai kuskure a fassara, ana bincike, kuma za a dawo da cikakken bayani a rana kaza. Amfaninsa shi ne hana ɗaya ɓangaren yanke hukunci cikin fushi, kamar sayar da kayan ga wani ko kai magana wurin lauya. Daga nan a daina aika saƙon murya, a kuma hana yaran shago tsoma baki.

Kada a yi ƙoƙarin share saƙon zagin a ɓoye. WeChat minti biyu kacal yake bayarwa a janye saƙo, kuma ko an janye, wanda ya gani ya gani. Magana zarar bunu ce.

2. A gano ainihin inda maganar ta karkace

A nan ne tafinta na biyu yake aiki. A ba shi saƙonnin asali ba tare da an gaya masa yadda na farko ya fassara su ba, don kada tunaninsa ya bi sawun wancan. Ya fassara, sannan a jera fassarorin biyu a gefen juna. Abin da ake nema shi ne a iya ɗora yatsa a kan kalma ɗaya a ce, ga ta nan, ranar kaza, ƙarfe kaza.

Dalilin wannan wahala shi ne, ban haƙurin da bai ambaci takamaiman kuskure ba, ba ya gamsar da ɗan kasuwa. Wanda aka ce wa "an samu rashin fahimta" zai ɗauka dabara ce ta neman kuɗi ta bayan gida. Wanda aka nuna wa harafin, aka ce ga abin da ka rubuta, ga abin da aka gaya mana, shi da kansa zai gane yadda abin ya faru, domin 'yan ƙasarsa ma suna rikita kalmomin nan biyu har su kai juna kotu.

Akwai wuraren da mai bincike ya kamata ya fara dubawa, domin nan ƙafa ta fi zamewa. Sinawa suna ƙirga manyan kuɗi da dubu goma-goma, abin da suke kira "wan", saboda haka "wan" 15 shi ne 150,000, kuma tafinta mai gaggawa yakan ƙara sifili ko ya rage. Rangwamen da suke kira "kashi takwas" yana nufin a biya kashi 80, ragin kashi 20 ne kawai. Ma'auninsu na "jin" rabin kilo ne. Wannan matsala ba sai an tsallaka teku ba ma: wanda ya taɓa ciniki tsakanin Katsina da Maraɗi ya san dala a bakin mutumin Nijar sefa biyar ce, jaka kuma sefa dubu, alhali jakar da dattawan Najeriya suka sani naira ɗari biyu ce. Hausa ɗaya ake yi, lissafi biyu.

Wani lokaci binciken yakan nuna cewa fassarar daidai take, mai sauraro ne ya ji abin da yake son ji. In haka ta faru, kada a laƙa wa tafinta. Ƙaryar za ta tonu ranar da ɗaya ɓangaren ya kai saƙonnin wurin nasa tafintan.

3. A raba laifin gida uku

Wannan shi ne matakin da ya fi muhimmanci, kuma shi aka fi tsallakewa. A labarin Alhaji abubuwa uku ne suka cakuɗe. Akwai kuskuren fassara, wanda tafinta ya yi. Akwai zagin da aka yi a bainar jama'a, wanda Alhaji ya yi da bakinsa. Akwai kuma maganar yuwan 150,000, wadda ba laifi ba ce, lissafi ne da za a zauna a yi.

Sabon shiga yakan haɗa ukun a jumla ɗaya: "Yaron nan ne ya ruɗe mu, shi ya sa muka yi fushi, don Allah a duba a dawo mana da wani abu." Mai masana'anta da ya ji haka, abu biyu zai fahimta. Na ɗaya, Alhaji bai ɗauki alhakin zagin ba. Na biyu, haƙurin ma don kuɗi ake ba shi. Gaskiyar magana kuwa, tafinta bai sa kalmar macuci a bakin kowa ba. Ko da an gaya wa Alhaji ba daidai ba, yana da damar tambaya kafin ya yi hukunci, kuma duk wanda ya zauna gaban malamai ya ji ayar Suratul Hujurati da ke umarni da a tantance labari kafin a aikata abin da za a yi nadama. Ƙari a kan haka, Alhaji ne ya zaɓi tafintan, shi ne kuma ya sa hannu a takardar da bai sa an karanta masa sau biyu ba.

Saboda haka maigida ne zai ba da haƙuri, da kansa, a kan zagin da kuma sakacin. Tafinta zai ba da nasa daban, ga maigidansa da farko, sannan ga ɗaya ɓangaren in an ba shi dama. Mai wannan rubutu yana ganin korar tafinta a rana ɗaya don a nuna wa baƙo an ɗauki mataki wauta ce. Baƙon zai ga mutumin da ke jefar da nasa da zarar ruwa ya ƙare wa ɗan kada, ya kuma tambayi kansa yadda za a yi da shi in tasa ta zo.

4. A tsara kalmomin, sannan a gwada su

Ga wani tarko da Bahaushe kaɗai yake faɗawa. "Yi haƙuri" a wurinmu neman afuwa ne, amma in aka ɗauke ta kalma da kalma zuwa Sinanci ko Turanci ko Faransanci, sai ta koma umarni: ka jure, ka jira, ka kwantar da hankalinka. Mutumin da aka zaga jiya, yau a ce masa ya kwantar da hankalinsa, ai an ƙara masa gishiri a miki. Haka "Allah ya huci zuciyarka" takan fita kamar ana cewa fushin nasa ne matsalar. "Ƙaddara ce" kuwa, wadda ke sanyaya zuciyar Musulmi, a kunnen wanda bai tashi cikin wannan tarbiyya ba gudun alhaki ce.

Don haka a rubuta Hausar da ba ta da lauje cikin naɗi: na yi kuskure, laifina ne, ina neman afuwarka. A guji "idan", domin "idan na ɓata maka rai" tana nuna mai maganar bai tabbata ya yi laifi ba. A guji "amma" bayan neman afuwa. A wajen Sinanci kuma a gaya wa tafinta nauyin da ake so. Suna da "bu hau yisi", wadda ake faɗa in an taka ƙafar mutum a mota, suna da "dui bu ci", wadda ke ɗauke da amsa laifi. Wanda ya kira mutum macuci a gaban abokan sana'arsa, ta biyun ce tasa.

Ga yadda saƙon Alhaji ya kasance bayan an tace shi:

"Maigida, ina gaisuwa. A takardarmu ka rubuta 定金. An fassara mini ita da ma'anar 订金, ni kuma ban sa an sake dubawa ba kafin in sa hannu. Wannan sakacina ne. Da ka ƙi mayar da kuɗin, kana kan abin da muka rubuta. Na kira ka macuci a gaban mutane, alhali ba ka cuce ni ba. Na yi kuskure, ina neman afuwarka. Zan janye maganar a zauren da na yi ta. Daga yau duk takardar da za mu sa wa hannu, mutum biyu za su karanta mini ita."

Babu maganar neman kuɗi a ciki ko ɗaya, kuma da gangan aka yi haka.

Kafin a aika, tafinta ɗaya ya mayar da shi Sinanci, ɗayan kuma, wanda bai ga Hausar ba, ya dawo da Sinancin zuwa Hausa. In abin da ya dawo ya yi daidai da abin da aka nufa, a aika. In "ina neman afuwarka" ta dawo a matsayin "ina fata za ka fahimta", an san tafinta ya sassauta, sai a gyara. Tafintoci suna yawan yin wannan da kyakkyawar niyya, don kare girman maigidansu, ba su san suna zubar da maganin ba ne.

5. A isar da shi ta hanyar da ta dace

A fara a keɓe. Rubutaccen saƙo ya riga, cikin harsuna biyu, don mutumin ya karanta a natse ya kuma nuna wa wanda ya amince da shi. Bayan nan a nemi izinin kiran bidiyo. Fuska da murya suna isar da abin da tafinta ba zai iya ba, kuma ko mutum bai ji Hausa ba, yana gane muryar mai nadama. A lokacin kiran maigida ya dubi abokin cinikinsa, ya yi magana gajeriya-gajeriya, tafinta kuma ya fassara da "ni", kada ya koma "Alhaji ya ce wai".

A kula da agogo. Sin tana gaban Najeriya da Nijar da awa bakwai, wato ƙarfe takwas na safe a Kano ƙarfe uku na yamma ne a can. Daga bayan Asuba zuwa hantsi ne lokacin da ya fi dacewa. Kiran da aka yi bayan La'asar zai tashi mutum daga barci. In kuma abin ya faɗo kusa da bikin sabuwar shekararsu, wanda ke zuwa tsakanin ƙarshen Janairu da Fabrairu, a yi ƙoƙari a gama kafin a rufe masana'antu, kada a bar abokin ciniki ya tafi hutu da abin a ransa.

Sai janyewa a fili. Inda aka zubar da mutunci, nan ake kwashe shi. Sinawa suna da kalmar "miyanzi", fuska ke nan, kuma ma'anarta ba ta da nisa da abin da muke kira mutunci ko girma. Tunda a zaure aka yi zagin, a zauren za a rubuta cewa maganar da aka yi kuskure ce, mutumin bai ci kuɗin kowa ba. Sai dai a tambaye shi tukuna. Wani zai so a yi, wani kuma zai ga tayar da maganar ƙarin tozarci ne, ya fi son a kira mutum biyu ko uku da yake jin kunyarsu a gaya musu a keɓe.

6. Sai a zo maganar kuɗi

A bar kwana biyu ko uku su wuce, ko kuma a jira ɗaya ɓangaren ya buɗe maganar. A nan sanin doka yana da amfani, in dai takardar ta ce dokar Sin za a bi. Sashe na 586 ya ce jinginar ba za ta wuce kashi 20 cikin ɗari na kuɗin cinikin ba, abin da ya haura ba ya ɗaukar hukuncin jingina. A cinikin yuwan 500,000, jinginar 100,000 ce. Ragowar 50,000 da Alhaji ya biya somin kuɗin kaya ne, akwai bakin magana a kansu, ko da yake masana'anta ma tana iya kawo lissafin asararta. Wannan sani na riƙewa ne a aljihu. Wanda ya zaro shi a ranar ban haƙuri ya mayar da sulhu shari'a.

Ya kamata kuma a fahimci abin da ya sa zuciyar Alhaji ta tafasa tun farko. Irin wannan ciniki, wanda malaman fiƙihu ke kira urbun, Malikiyya ba su halatta shi ba, Hambaliyya ne suka halatta. Mutumin da ya tashi a Kano yana ganin riƙe kafin alƙalami bayan an fasa ciniki cin haram ne. Bayyana wa ɗaya ɓangaren wannan, a matsayin bayani ba hujja ba, yakan sa ya gane ba da ɗan damfara yake hulɗa ba.

Tambayar da ta buɗe ƙofa a wannan labari ita ce, "Me ka riga ka kashe?" Ashe masana'anta ta sayi farin yadi, ta kuma yi farantan buga zane. Aka daidaita a kan rage odar zuwa yuwan 300,000, a lissafa 150,000 ɗin gaba ɗaya a ciki, Alhaji ya cika 150,000 kafin a yi lodi, ya kuma biya 10,000 na farantan zanen da aka fasa. Ba wanda ya sami duk abin da yake so. Aka rubuta sabuwar takarda cikin harsuna biyu, aka faɗi wanne za a bi in sun saɓa, aka rubuta kuɗi da lamba da kuma kalmomi.

Game da kyauta: a bari sai an daidaita, kuma ta zama ƙarama. Kada a ba Basine agogon bango ko na tebur, domin furucin "ba da agogo" a harshensu ya yi daidai da na raka mamaci.

7. A karanta amsar da kyau

"Ba komai, ya wuce" ba ta nufin ya wuce, a Kano ma balle a Keqiao. Sinawa ma suna da irin tata, "mei guwansi", wadda ladabi ke sa a faɗa ko zuciya ba ta sauka ba. Alamar gaskiya a aikace take. Wanda ya huce zai dawo amsa saƙo da saurin da ya saba, ya turo hotunan sababbin zane ba a tambaye shi ba, ya koma tambayar iyali. Wanda bai huce ba zai miƙa mutum ga ƙaramin ma'aikaci, amsarsa ta koma kalma ɗaya, ko ya ce zai yi tunani, wadda sau da yawa a'a ce cikin ladabi.

In aka ga haka, kada a sake aika wani ban haƙurin. Maimaitawa takan zama matsi, kamar ana bin sa bashin yafiya. Nan ne mai shiga tsakani zai yi amfani, ko kuma a yi ƙaramar oda a biya a kan lokaci ba tare da neman ragi ba.

A wajen Alhaji, mai masana'anta ya karɓi haƙurin a ranar da aka yi kiran, amma a oda ta gaba ya ƙi ba da kaya bashi kamar yadda ya saba, ya ce a cika kuɗi kafin kwantena ta bar masana'anta. Alhaji ya so ya yi fushi, mai shiga tsakani ya ce ya biya ya yi shiru. Sai a oda ta uku aka koma tsohon tsari. Ɗalibin nan kuwa yana nan yana tafinta, sai dai yanzu duk takardar da ta zo, yakan ɗauki hoton layin kuɗi ya tura wa na biyu kafin ya ce wa Alhaji komai.